Sanarwar Ɗaukar Ma'aikata a Siton Kayan Abinci, Mile 12

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga iyayenmu shugabannin kasuwa, limamai, da 'yan'uwa mazauna Mile 12, Ketu da Agege. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan an wuni lafiya, Alhaji mai siton shinkafa da wake da man gyaɗa na layin 'yan hatsi yana sanar da cewa zai ɗauki mutum bakwai aiki kafin azumi, lokacin da ciniki ke ninkawa. Takardar da aka liƙa a ƙofa da Turanci take. Wannan ita ce ta Hausa, kuma sharuɗɗan duk ɗaya ne.

Da farko ana neman mai kula da sito guda ɗaya, albashinsa naira 150,000 a wata. Dole ya iya karatu da rubutun boko da lissafi, ya kuma taɓa riƙe sito na aƙalla shekara biyu. Shi ne zai ƙirga kaya idan tirela ta iso daga Arewa, ya gwada da takardar kaya kafin ya sa hannu, ya ɗora wasu buhuna a sikeli ya ga ko sun cika kilo 50. Wanda ya sa hannu kafin ya ƙirga, giɓin a wuyansa yake. Ya kuma san cewa Legas ba Kano ba ce: buhun da aka ajiye a kan siminti ko aka jingina da bango yana jan danshi, shinkafar da ke ƙasan buhun ta yi fumfuna tun ba a lura ba. Saboda haka a kan katako ake jera kaya, a bar tazara tsakaninsu da bango, kuma wanda ya riga shigowa shi ke riga fita. Wake kuwa duk mako sai an duba shi, domin ƙwari ba sa sallama.

Sai direbobi biyu na ƙaramar motar kaya, naira 130,000 kowanne, da kuɗin abinci na naira 2,000 duk ranar da aka fita. A zo da lasisin tuƙi mai rai da katin LASDRI na direbobin Jihar Legas. Ana so direba ya san hanyar Ikorodu, Oshodi da Agege ba tare da tambaya ba, ya kuma ji Yarabanci ko burokan gwargwadon yadda zai yi magana da kwastoma. Lodin farko ƙarfe shida na safe yake tashi, don wanda ya makara gosulon Ketu da Ojota zai cinye masa rabin yini. Abu ɗaya Alhaji ya ce a faɗa tun yanzu don kada a yi rigima daga baya: wanda ya shiga layin motocin BRT ko ya bi wanwe jami'an LASTMA suka kama shi, tarar daga aljihunsa za ta fito. Takardun mota da gyaranta kuwa na sito ne.

Masu lodi huɗu ake so, naira 90,000 kowanne, masu lafiya da shekarunsu suka kai 18.

Aiki daga Litinin zuwa Asabar ne, ana tashi ƙarfe biyar na yamma. Akwai hutun salla da cin abinci, ranar Juma'a kuma ana rufe sito daga ƙarfe ɗaya zuwa uku. Albashi ta banki ake biya ƙarshen wata, don haka kowa ya zo da asusu mai sunansa, ba na yayansa ko abokinsa ba. Wata uku na farko na gwaji ne, da cikakken albashi. Ba a ba da wurin kwana.

Mai sha'awa ya zo da kansa ofishin magatakarda da ke bakin sito, daga Litinin 12 zuwa Alhamis 15 ga Janairu, 2026, tsakanin ƙarfe goma zuwa biyu. Ya riƙo takardar NIN da kwafinta, hoton fasfo biyu, da mutum ɗaya sananne a kasuwa ko unguwa da zai tsaya masa. Shi ma mai tsayawar ya zo da ƙafarsa ya sa hannu, saƙon baki bai wadatar ba. A duba sunan da ke kan lasisi ya yi daidai da na NIN, kada ɗaya ya ce Muhammadu ɗaya ya ce Mamman.

Za a gana da waɗanda aka zaɓa ranar Asabar 17 ga wata, direbobi kuma za su ja mota a gaban manaja. Fara aiki Litinin ne, 2 ga Fabrairu. Wanda bai ji kira ba ya yi mana uzuri, guraben ne ba su da yawa, kuma takardarsa na nan a ajiye idan wata ƙofa ta buɗe.

Ba a biyan ko sisi don wannan aiki, babu kuɗin fom, babu na goro. Duk wanda ya nemi kuɗi da sunan Alhaji, a kawo maganarsa ofis.

Muna roƙon limamai da shugabannin layi su taimaka su isar da wannan saƙo ga waɗanda suka yarda da amanarsu. Allah ya saka da alheri, ya ba mu kasuwa mai albarka.

Wassalam,
Magatakardan sito, a madadin Alhaji