Ayyukan Hanta a Taƙaice: Takardar Bita ga Ɗaliban Jinya na Aji Biyu

Hantar baligi tana kai kimanin kilo 1.5. Kashi 75 cikin 100 na jinin da ke shigarta daga hanji yake zuwa, shi ya sa abinci da maganin da aka haɗiya sai sun bi ta cikinta kafin su zaga jiki. Ku riƙe kowane aiki tare da abin da ake gani idan ya tsaya, don ta nan tambaya ta fi zuwa.

Sarrafa abinci. Bayan an ci, insulin kan sa ta ajiye gulukos a matsayin gilaikojin, kimanin giram 100. Da yunwa, gulukagon ya sa ta sake shi. Ajiyar ba ta wuce kwana ɗaya, daga nan sai ta ƙera sabon gulukos daga laktet, gilisarol da amino asid. Don haka mai lalatacciyar hanta sukarinsa kan faɗi. A riƙa aunawa. Hanta ce ke haɗa kolestarol da ruwan matsarmama mai taimakawa wajen narkar da maiƙo, tana kuma ajiye sinadarin ƙarfe da bitamin A, D da B12.

Kawar da guba. Mataki biyu ne. Na farko, inzayim ɗin P450 su sauya siffar maganin. Na biyu, a liƙa masa wani sinadari, kamar gulutatayon, don ya narke a ruwa ya fita ta fitsari ko bayan gida. A kula, abin da mataki na farko ya fitar kan iya fin na asali haɗari. Farasitamol yana haifar da NAPQI, guba da gulutatayon ke kawarwa; idan an zarce ƙima (giram 4 a rana ga baligi), gulutatayon ya ƙare, ƙwayoyin hanta su mutu. Makarinsa shi ne maganin NAC, ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Haka gubar afalatoksin ta gyaɗa da masara masu fumfuna: hanta ce ke mayar da ita mai jawo sankara, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B.

Amoniya kuwa takan zama yuriya, ƙoda ta fitar. In amoniyar ta taru, sai ruɗewa, rawar hannu, har doguwar suma. Ana ba da laktulos. Taruwar bilirubin ita ce shawara.

Haɗa furotin. Albumin (3.5 zuwa 5 g/dL) ne ke riƙe ruwa cikin jijiyoyin jini, in ya ragu, ƙafa ta kumbura, ciki ya tara ruwa. Rabinsa kan ƙare ne a kimanin kwana 20, don haka tsohon ciwo yake nunawa. Sinadaran daskarar jini II, VII, IX da X suna buƙatar bitamin K, kuma rabin na VII kan ƙare cikin awa 4 zuwa 6, shi ya sa INR, gwajin daskarar jini, ke saurin hawa a sabon ciwo.

Kuskuren da aka fi yi a jarrabawa shi ne ɗaukar inzayim ɗin ALT da AST a matsayin ma'aunin aikin hanta, alhali rauni suke nunawa. Idan aka tambayi ko hanta tana aiki, amsar tana ga INR, albumin da bilirubin.