Godiya bayan kammala aikin sola a shagonka

Assalamu alaikum, Alhaji.

Mun kammala dasa faifan sola 8, inbata da batura 4 a shagonka na Kantin Kwari, kuma kuɗin sun shigo cif. Mun gode da amanar da ka ba mu, musamman haƙurinka ranar da kaya suka makara.

Don Allah a riƙa goge faifan duk mako lokacin hunturu, ƙura na rage caji sosai. Kada a jona dutsen guga ko hita, suna kashe batura da wuri. Garantin aikinmu wata 12 ne.

In za ka ƙara firiza, kira mu mu auna lodin tukuna. Maƙwabcin da ka turo mana kuma, za mu duba masa shago kyauta.

Allah ya ƙara kasuwa.

Naka,
Injiniya Sani