Don Allah a turo min ofa leta kafin na ajiye aiki

Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma, ya aiki ya iyali? Na gode ƙwarai da kiran jiya, wallahi na ji daɗi, kuma kamar yadda na faɗa miki a waya aikin akantan nan ina sonsa, na karɓa.

Alfarma ɗaya nake nema. Don Allah abubuwan da muka yi magana a kai a saka min su a rubuce, a takardar kamfani mai ɗauke da sa hannun wanda yake da ikon ɗaukar ma'aikata, ko PDF ne ta imel ya wadatar. Ba wai ban yarda da maganarki ba ne Hajiya, amma ke kika kawo ni, albashi kuma su za su biya, in manaja ya canza ko suka ce ba haka aka yi ba, ba ni da abin nunawa, ga shi na riga na saki na hannuna a Bompai, kin ga na saki reshe na kama ganye kenan, kuma da iyali a kaina.

Wanda ya fi damuna shi ne albashin. Kin ce naira 280,000 a wata, to wannan shi ne zai shigo akawun ɗina, ko kafin a cire haraji da fansho ne? Don dokar fansho ta 2014 ta ce kashi 8 daga wajena, kashi 10 daga kamfani, in aka ɗora haraji a kai abin da zai rage zai iya zuwa kusa da wanda nake karɓa yanzu, ga kuɗin adaidaita daga Rijiyar Zaki zuwa Sharada kullum. Shi ya sa nake so a rarrabe, ainihin albashi nawa, alawus na gida da na mota nawa. Sai lokacin gwaji, ke kin ce wata 3 amma a intabiyu na ji an ambaci 6, wanne ne, kuma cikakken albashi ake biya a ciki? A haɗa da inshorar lafiya, ni kaɗai ne ko har da matata da yara, da hutun shekara, da maganar aikin Asabar.

Na san dokar ƙwadago ta ba kamfani har wata 3 bayan fara aiki ya ba da sharuɗɗa a rubuce, amma ni ba zan iya jiran wannan ba. Inda nake yanzu notis ɗin wata ɗaya ne, ko mutum ya biya albashin wata a madadinsa. Tunda 1 ga Satumba suke so na fara, dole na miƙa takardar ajiye aiki kafin Yuli ya ƙare. In ofa letar ta iso a makon nan, ranar zan sa hannu na dawo miki da ita, washegari na ba su notis. In kuma za ta ɗau lokaci ba komai, sai a matsar da ranar farawar daidai da haka.

Ina jiran amsarki Hajiya, Allah ya bar zumunci.