Awon Abinci Mai Laushi: Sanarwa ga Masu Girki na Gidan Tsofaffi

Daga ranar Litinin, za a riƙa auna kason kowane dattijo a kan sikeli bayan an dafa, ban da nauyin kwano. Da safe kunun gero giram 250 ne, da dafaffen ƙwai ɗaya da aka murtsuke. Da rana a zuba tuwon shinkafa giram 180 da miyar kuɓewa giram 120, sai kifi giram 80, wanda wajibi ne a tsince ƙayarsa da hannu tukuna, domin siririyar ƙaya ɗaya ta isa ta shaƙe mai raunin haɗiya. Da dare faten dankali giram 250 ne. Duk loma sai cokali ya iya latse ta ba wahala. Masu ciwon suga ana bin takardar likitansu, kuma wanda ya bar rabin kasonsa a rubuta, a sanar da ma'aikaciyar jinya.