Bayani kan zagayen gyara, fayilolin da za a karɓa, da kuɗin zanen gidan Ɗorayi

Assalamu alaikum Alhaji Sani, ranka ya daɗe.

Da fatan an wuni lafiya, ya iyali da kasuwa? Na ga zanen hannun da ka turo ta WhatsApp da kwafin takardar safiyon filin. Fulotin ƙafa 50 a kan 100 ne, wato kimanin mita 15 a kan 30, kuma bene hawa ɗaya ake so, gida biyu a ƙasa, biyu a sama. Zan karɓi aikin in Allah ya yarda. Sai dai kafin na taɓa kwamfuta, gara mu daddale yadda za mu tafi a rubuce, don kowa ya san abin da ke kansa.

Zan fitar da shafi 8 a AutoCAD, manhajar zane ta kwamfuta: zaman gini a cikin fili, fulan ɗin ƙasa, fulan ɗin sama, rufi, shafi biyu na fuskokin gidan guda huɗu, shafin yankan gini mai nuna tsayin ɗakuna da matattakala, sai jadawalin ƙofofi da tagogi. Duk awo da milimita zan rubuta shi, ko da yake kai ƙafa ka sa a zanenka, saboda da shi injiniya zai yi lissafi. Zanen rodi da ginshiƙai, na wayarin da na famfo ba sa cikin wannan aikin. Haka kuma ni mai zane ne, ba ni da hatimi. In za a kai takardun ga KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, neman izinin gini, sai akitek mai rajista da ARCON da injiniya mai rajista da COREN sun duba sun sa hannu, kuma kuɗinsu daban ne.

Yanzu batun gyara, wanda shi ne ya fi jawo saɓani a wannan sana'ar. A cikin kuɗin akwai zagayen gyara biyu. Bayan kwana 10 da shigar kafin alƙalami zan turo zanen farko. Kada ka yi gaggawar ba ni amsa. Ka ɗauki mako guda, ka nuna wa Hajiya, ka nuna wa maginin da zai yi aikin da duk wanda ka san maganarsa za ta shiga, sannan a tattaro gyare-gyaren gaba ɗaya a turo min a saƙo guda. Wannan shi ne zagaye ɗaya. Abin da ya fi sauƙi shi ne a buga zanen a takarda, a zagaye wurin da jan biro, a rubuta abin da ake so a gefe, a sa lamba 1, 2, 3, a ɗauki hoto. Saƙon murya ma ba laifi, amma zan mayar da shi rubutu na turo ka tabbatar kafin na fara, domin “a ɗan ƙara faɗin kicin” na iya zama ƙafa ɗaya a wurina, ƙafa uku a wurinka.

Dalilin da ya sa nake nacewa a haɗa su wuri guda shi ne, a zanen gini abu ɗaya ba ya motsi shi kaɗai. In ka ce a matsar da tagar falo, sai na gyara ta a fulan, na gyara ta a fuskar gaba, na duba yanka, na koma jadawali. In gobe aka ce a mayar da ita, jibi a ce a ƙara mata faɗi, shafi huɗun nan zan sake bi kowane lokaci, kuma a irin wannan kai-komon ne ake barin awo ɗaya bai dace da ɗan'uwansa ba, sai an je wurin gini a gano.

Sannan akwai bambanci tsakanin gyara da sauya zane. Matsar da ƙofa, sauya wajen da take buɗewa, ƙara taga, rage banɗaki a ƙara wa sito, duk gyara ne. Amma ɗauke matattakala daga tsakiya zuwa gefe, mayar da gida huɗu su koma shida, ko ƙara hawa, wannan sabon zane ne, domin bangon sama a kan na ƙasa yake zaune. In irin wannan ta taso zan gaya maka kuɗinta tukuna, ba zan taɓa ba sai ka amince. Shawarata, duk wani babban tunani a kawo shi a zagayen farko, kafin injiniya ya fara lissafin rodi. Kuskuren da ya fito daga wajena kuwa, kamar awon da ya saɓa wa takardar safiyo, gyaransa kyauta ne ko bayan an rufe aiki, kuma ba ya cin zagaye.

Game da fayiloli, a lokacin gyara PDF kawai zan riƙa turowa, wanda za ka iya buɗewa a wayarka. Kowanne zai zo da lambarsa a suna, don kada magini ya riƙe tsoho:

```
SANI_DORAYI_02_KASA_R1.pdf
SANI_DORAYI_02_KASA_R2.pdf
```

Wanda lambarsa ta bayan R ta fi girma shi ne na aiki. A ƙarshe za ka karɓi PDF na takarda A1 da na A3, da fayil ɗin DWG, wanda shi injiniya zai buɗe ya ɗora nasa aikin a kai. Zan adana shi a tsarin AutoCAD 2013, saboda tsohuwar manhaja ba ta buɗe fayil ɗin tsarin 2018, ita kuwa sabuwa tana buɗe na da. In injiniyanka da wata manhajar yake aiki, ya faɗa min na haɗa masa da DXF, fayil ɗin da wasu manhajojin zane ke buɗewa, ba ƙarin ko sisi. Zan ƙunshe komai da umarnin `ETRANSMIT` na AutoCAD don kaurin layuka da rubutu su fito masa yadda na tsara.

Abu ɗaya a gaya wa yaron da za a aika shagon buga takardu: ya ce a zaɓi `Actual size`, kada a zaɓi `Fit`. Fulan ɗin A1 a ma'aunin 1:50 yake, na A3 kuma 1:100. In mai shago ya matse shafin don ya shiga takarda, ma'aunin ya lalace ke nan. Shi ma magini a ja masa kunne, lambobin da ke rubuce zai bi, kada ya ɗora rula a kan takarda.

Kuɗin aikin ₦40,000 ne kowane shafi, jimla ₦320,000. Kafin alƙalami rabi ne, ₦160,000. Sai ₦96,000 bayan na turo gyaran zagayen farko, cikon ₦64,000 kuma kafin na saki DWG da PDF na ƙarshe. Kafin nan PDF ɗin zai fito da tambarin “ba na gini ba” a kansa. Wannan ba rashin yarda ba ne, ranka ya daɗe, haka nake yi da kowa, kuma yana hana a fara haƙa fandisho da zanen da ba a gama ba. Zagaye na uku zuwa sama ₦30,000 ne kowanne. Sauya zane kuma ₦20,000 ne a kan kowane shafin da ya shafa. Kuɗin buga takardu yana wajenka. In aikin ya tsaya daga ɓangarenka fiye da wata biyu, za mu sake zama kan lokaci da farashi.

Abu biyu nake jira kafin na fara. Na farko, a zanenka ban ga inda za a haƙa sokawe da inda tankin ruwa zai zauna ba, kuma su za su nuna min iya filin da zan bari a baya. Na biyu, lambar injiniyan, don na ji kaurin bulon da zai yi aiki da shi, inci 9 ne duka ko za a sa inci 6 a bangon ciki. In sharuɗɗan sun yi maka, ka amsa da “na amince” a nan. Lambar asusu tana kan takardar kuɗin da na haɗo da wannan saƙon.

Allah ya sa albarka a ginin, ya ba da ikon kammalawa. A gaida Hajiya.

Naka,
Nura mai zane