Takalmin faɗe, ɗinkin hannu daga Makka

Mahaifinmu baduku ne ɗan Kano. Ta Sudan ya biyo ya sauke farali, ya zauna a Makka da basillarsa da wuƙarsa, kuma irin faɗen da ya koya mana shi muke ɗinkawa har yau a shagonmu na Shari'u Mansur.

Saman takalmin fatar jar akuya ce, irin ta ƙasar Sakkwato, wadda aka jeme da bagaruwa, abin da 'yan'uwanmu na Sudan ke kira garad. Jimar bagaruwa tana cin lokaci, amma fatarta ba ta da warin sinadari, kuma kullum ƙara laushi take a ƙafa. Mukan murza ta da man gyaɗa, ta kwana, sannan a yanka. Tafin kirgin saniya ne ninki biyu. Kowace huda da hannu ake yi, a bi ta da zare mai kakin zuma. A ƙasa mun liƙa siririyar roba, domin kirgi tsurarsa santsi yake a kan tayil, kwaltar nan kuma ba ta raga wa fata lokacin zafi. Ɗinkin ƙafa ɗaya yana cin kwana 3. Idon sawu da dunduniya a buɗe suke.

Wajen awo, don Allah kada a yi kintace. A bari sai bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. A shimfiɗa takarda a jikin bango, a taka ta a tsaye, dunduniya ta taɓa bangon, a sa alama a ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. A auna ƙafafun biyu, a ɗauki wadda ta fi. Ga tsawon ƙafa da lambarsa:

Lamba 39: santimita 24.5
Lamba 40: santimita 25.2
Lamba 41: santimita 25.8
Lamba 42: santimita 26.5
Lamba 43: santimita 27.2
Lamba 44: santimita 27.8
Lamba 45: santimita 28.5

Mun riga mun ƙara santimita 1 a tafin, ba sai an ƙara ba. Wanda awonsa ya faɗo tsakanin lamba biyu ya ɗauki babbar. Idan faɗin ƙafa a gindin yatsu ya wuce santimita 10.5, a gaya mana, mu saki maɗaurin ba ƙarin kuɗi. Maɗaurin zai ɗan matse a makon farko, sannan ya saki da kamar rabin santimita.

Fata ba ta son ruwa, saboda haka a cire shi kafin alwala. In ya jiƙe, a shanya a inuwa, a shafa masa mai kaɗan.

Akwai ja da baƙi, riyal 120. Lambar da ba ta yi daidai ba muna canzawa cikin kwana 7, muddin ba a taka waje da shi ba.