Jawabin Ranar Kimiyya: Jininmu da Maganinmu

Assalamu alaikum. Mai girma darakta, malamanmu, iyayenmu da ƴan'uwana ɗalibai, barkanmu da wannan rana.

A shekarar 2003 aka kammala babban aikin karanta jerin ƙwayoyin gadon ɗan Adam, amma har yau yawancin mutanen da aka yi bincike a kansu ƴan asalin Turai ne, alhali ƙwayoyin gadon mutanen Afirka sun fi na kowace nahiya bambanta.

Wannan giɓi yana taɓa lafiyarmu. Maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna firimakin yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin wanda ya gaji ƙarancin G6PD, wato sinadarin da ke kare waɗannan ƙwayoyin jinin, har fitsarinsa ya yi baƙi, idanunsa su yi ɗorawa, kuma wannan gado ya yawaita a yankinmu. Likitan da ya san haka zai auna jini kafin ya rubuta magani. Amosanin jini kuwa, kowa a Maradi ya san gidan da yake wahalarwa.

Binciken da aka yi a wata ƙasa ba zai wadatar da mu ba, domin Bahaushe, Bafillace da Buzu kowa da irin gadonsa. Muna fatan a yi shi a nan, da yardar jama'a, kuma masananmu su riƙe sakamakon.

Na gode.